Yaron da aka haifa wata biyar bayan ɗaurin aure: nazarin wata shari'ar nasaba a Kumasi

Wannan lamari ya faru ne tsakanin gidaje biyu na Hausawa a Kumasi, ɗaya a Aboabo, ɗaya a Asawase, kuma na bi shi tun daga zaman sulhu na farko a zauren limamin unguwa har zuwa ranar da aka raba gado. Na ɓoye sunayen mutanen saboda yaron yana raye yana karatu, kuma bai kamata maganar da manya suka yi a kansa ta bi shi makaranta ba.

Mahaifin direba ne mai motar haya tasa ta kansa, yana jigila tsakanin Kumasi da Tamale, uwar kuwa tela ce. An ɗaura musu aure a gaban shaidu, aka biya sadaki, ta tare a gidan iyayensa, sannan bayan wata biyar da 'yan kwanaki ta haifi ɗa namiji. Katin asibiti ya nuna nauyin jaririn kilo 3.2, watau ba bakwaini ba ne, don haka duk wanda ya iya ƙirga watanni ya san cewa da cikin aka shiga ɗakin. A lokacin babu wanda ya ɗaga murya. Ranar bakwai mijin ya yanka rago, aka raba goro, liman ya raɗa wa yaro suna, wanzami ya yi aski, aka ɗauki hotuna mijin yana rungume da jaririn. Abu ɗaya kawai ba a yi ba, shi ne rajistar haihuwa, duk da cewa kyauta ce a cikin shekarar farko.

Yaron yana da shekara biyu auren ya mutu. Uwar ta koma gidan mahaifinta da ɗanta, mijin ya riƙa aiko da ɗan abin da ya samu har tsawon wata takwas, sannan ya sake aure ya daina. Da aka aika masa, sai ya ce ya tambayi malamai sun gaya masa cewa ɗan da aka haifa kafin cikar wata shida da ɗaurin aure ba a jingina shi ga miji, saboda haka babu ciyarwa a kansa. Daga baya ya ƙara da cewa shi ma bai tabbata cikin nasa ba ne.

Ya kamata a yi wa maganarsa ta farko adalci, domin ba ƙirƙirar ta ya yi ba. Ƙa'idar nasaba a fiƙihu ita ce hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito cewa ɗa na mai shimfiɗa ne, watau na mijin da aka haife shi a ƙarƙashin aurensa. Malamai sun ɗauki wata shida a matsayin mafi ƙarancin lokacin ciki ta hanyar haɗa ayoyi biyu: Suratul Ahƙaf aya ta 15 ta ce ɗaukar ciki da yaye wata talatin ne, Suratu Luƙman aya ta 14 kuma ta ce yaye a cikin shekara biyu ne, idan aka cire ashirin da huɗu daga talatin saura shida. Don haka a wurin mafi yawan malamai, har da na mazhabar Malikiyya da zangunanmu suka taso a kanta, ɗan da ya zo kafin wata shida ana jingina shi ga uwarsa, yana gadonta tana gadonsa, amma ba ya gadon mutumin. Akwai wasu magabata, irin su Hasanul Basri da Ishaƙ ɗan Rahawaihi, da kuma Ibn Taimiyya da almajirinsa Ibn Ƙayyim daga baya, waɗanda suka ga cewa idan matar ba ta da wani miji a lokacin, kuma mutumin ya amsa cewa ɗansa ne, ana iya jingina masa shi. Limamin ya ambaci wannan ra'ayi a zaman sulhu, amma ya ce ba shi ne abin da ake fatawa da shi a nan ba. Ya roƙi mijin ya ci gaba da ciyarwa don Allah da kuma don shi ne sanadin zuwan yaron duniya, mijin ya ce zai duba, kuma bai duba ba.

Uwar ta yi shekara guda tana jira kafin ta yarda ta je kotu, saboda a wurinmu kai tsohon miji ƙara yana da nauyi, musamman a kan maganar da za ta tono abin da ake so a rufe. Mahaifinta ne ya ce mata, "Uwata, kunyar da kike gudu an riga an sha ta a bakin mutane, abin da ya rage shi ne abincin yaron nan da makarantarsa." Da haka ta shigar da buƙatu biyu a kotun iyali, wadda kotun gunduma ce take zama a matsayinta, da majistare da wasu mambobi, cikinsu har da jami'in walwalar jama'a, kuma ba a buɗe zamanta ga 'yan kallo. Buƙatar farko ita ce a tabbatar da uban yaron, ta biyu kuma a yanka masa kuɗin ciyarwa.

Dokar Gana ba ta ƙirga wata shida. Dokar Shaida ta 1975, a sashe na 32, ta ce ɗan da aka haifa a lokacin da uwarsa take da aure ana ɗaukarsa ɗan mijinta ne, haka ma wanda aka haifa cikin kwana 300 bayan mutuwar auren. Wannan ɗauka ce da ake iya rushewa da hujja, amma nauyin kawo hujjar yana kan mai musu. Saboda haka tun ranar farko mijin ne yake da aikin nuna cewa yaron ba nasa ba ne, abin da bai zata ba, domin ya zo ne da tunanin cewa matar ce za ta sha wahalar kawo shaida.

Sai kuma Dokar Yara ta 1998, mai lamba 560, wadda sashenta na 41 ya jera abubuwan da kotun iyali take ɗauka a matsayin shaidar uba. Akwai sunan mutum a rajistar haihuwa, akwai yin bikin al'ada da uba yake yi wa ɗansa, akwai amsawa a bainar jama'a cewa ɗansa ne, akwai kuma ƙin yarda a yi gwajin likita. Na daɗe ina ganin mutane ba su san nauyin abu na biyu ba. Ragon suna da goron da aka raba da liman da ya yi addu'a, a idon wannan doka shaida ne, kuma shaida ce da ba a iya janyewa bayan an yi saki. Uwar ta kawo hotunan ranar suna, ta kawo katin awon jariri mai ɗauke da sunan mijin a gurbin uba, ta kawo saƙonnin kuɗin da ya riƙa turo mata ta waya a watanni takwas ɗin nan, wanzamin da ya yi aski kuma ya zo ya faɗi wanda ya kira shi da wanda ya sallame shi. Da an yi rajistar haihuwa tun farko da sunan uban, da an rage rabin wannan wahala.

Da mijin ya dage cewa yana shakkar cikin, kotu ta yi amfani da sashe na 42 ta ba da umarnin gwajin ƙwayoyin halitta, wanda aka fi sani da DNA, ta kuma ɗora masa kuɗin tunda shi ne mai musu. Ya yi jinkiri har zama biyu, sai majistare ya bayyana masa cewa ƙin zuwa gwajin kansa za a lissafa shi cikin hujjojin da ke kansa, sannan ya je. Mutanenmu suna kiransa gwajin jini, amma galibi ba a ɗibar jini, ana goga ɗan auduga ne a cikin kuncin yaro da na uwa da na wanda ake zargi. Kowane mutum yana ɗaukar rabin ƙwayoyin gadonsa daga uwa, rabi daga uba, don haka ana duba wurare da dama, sau da yawa kusan ashirin, a ware abin da yaron ya samu daga uwarsa, sannan a ga ko ragowar yana jikin mutumin. Idan aka sami saɓani a wurare da yawa, an kore shi, idan kuwa duk sun dace, sakamakon yakan fito da yiwuwar da ta haura kashi 99.9 cikin ɗari. Abin da kotu ta fi kula da shi shi ne yadda aka ɗauki samfurin: a wurin da ta amince da shi, kowa da katin shaidarsa, a rufe a sa hannu, sakamako kuma ya zo mata kai tsaye. Gwajin da mutum ya yi a ɓoye da gashin yaro ko burushin haƙorinsa yana iya kwantar masa da hankali ko ya tayar, amma ɗaya ɓangaren zai ce ba a san na wa aka gwada ba. A wannan shari'ar sakamako ya nuna mijin ne uba, kotu kuma ta rubuta umarnin tabbatar da haka.

Maganar ciyarwa ba ta ɗauki lokaci ba bayan wannan. Doka ta ɗora wa iyaye biyu, ba uba kaɗai ba, samar wa yaro abinci da lafiya da matsuguni da ilimin farko, kuma wajen yanke adadi kotu tana duba samun kowannensu, da sauran 'ya'yan da ke wuyansu, da tsadar rayuwa a inda yaron yake zaune. Jami'ar walwala ta ziyarci gidajen biyu ta rubuta rahoto, ta nuna cewa amaryar mijin ta haihu kuma tana da wani cikin. An yanka masa sidi 600 a wata, da kuɗin makaranta da na asibiti, da wani kaso na bashin watannin da ya tsallake, ita kuma uwar aka bar mata matsuguni da sutura. Umarnin yana aiki har yaro ya kai shekara 18, ana kuma iya tsawaita shi idan yana karatu ko koyon sana'a. Matsalar da ta biyo baya ita ce ta karɓa. Da ma'aikacin albashi ne, da kotu ta sa a riƙa cirewa daga albashinsa, amma direba mai motar kansa ba shi da inda za a tare kuɗin, don haka wata ya biya, wata ya ce mota tana gareji. Sau biyu uwar ta koma kotu, domin doka ta ba da damar neman tilasta biya idan kwana talatin suka wuce, kuma sau biyun ya biya kafin ranar zama.

Sunan yaron kuwa ya riga ya rabu biyu. A katin asibiti yana ɗauke da sunan ubansa, amma da uwar ta sa shi makaranta cikin fushin rabuwa sai ta rubuta sunan mahaifinta a matsayin suna na biyu, haka ma a katin inshorar lafiya. A al'adarmu sunan uba ne yake bin sunan yaro, don haka duk wanda ya ji ana kiran yaro da sunan kakansa na wajen uwa ya san akwai magana. Dokar Yara ta ce ba a hana yaro suna, kuma sunayen iyaye biyu za su fito a takardar haihuwa sai idan uwar ba ta san uban ba. Amma inda ake jayayya a kan uba, magatakardan rajista ba ya rubuta sunan mutum bisa faɗin uwa kaɗai, don haka umarnin kotun ne ya buɗe wannan ƙofa. Da shi aka yi rajistar haihuwa a makare da sunan uban, sannan aka kai takardar makaranta aka gyara. Na matsa wa uwar ta yi wannan tun yaron yana firamare, domin idan aka yi masa rajistar jarrabawar ƙaramar sakandare da suna ɗaya, katin ɗan ƙasa kuma ya fito da wani, gyaran yana komawa ga rantsuwa a rubuce da buga sanarwa a gazet ɗin gwamnati, kuma takardun biyu za su riƙa bin sa duk inda ya nemi aiki ko fasfo. Ita kanta ba ta so ba da farko, tana cewa wanda ya ƙi yaro bai cancanci a kira shi da sunansa ba. Na fahimci zafin, amma a ganina sunan haƙƙin yaron ne, ba lada ba ne da ake bai wa uba don ya kyauta.

Yaron yana da shekara tara uban ya rasu bayan gajeriyar rashin lafiya, bai bar wasiyya ba. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya mata biyu ƙanana, da mahaifiyarsa, da ƙane ɗaya shaƙiƙi, mahaifinsa kuwa ya riga shi rasuwa. Gidan da yake zaune na dangi ne, don haka bai shiga rabo ba. Abin da ya mallaka da guminsa shi ne motar haya, da fili a bayan gari, da kuɗi a banki, waɗanda bayan biyan bashi aka yi musu ƙima sidi 240,000.

Bayan sadakar arba'in aka kira malami ya yi lissafi, kuma ya yi shi ba tare da yaron ba. Matar tana da tumuni, sidi 30,000, mahaifiya tana da sudusi, 40,000, 'yan mata biyu suna da kashi biyu cikin uku, 160,000, watau kowace 80,000, ƙanen kuma ya ɗauki ragowar 10,000. Mutane da yawa sun ɗauka baffan yaron ne yake hana shi gado don kwaɗayi, amma lissafin ya nuna abin da baffan zai samu kaɗan ne. Wadda shigar yaron za ta taɓa sosai ita ce matar da aka bari da marayu biyu, kuma tsoronta na gaskiya ne.

Dokar ƙasa kuwa ta bi wata hanya. Tsarin Mulkin 1992, a sashe na 28, ya ce kowane yaro, ko an haife shi cikin aure ko ba a ciki ba, yana da haƙƙin samun kaso mai ma'ana daga dukiyar iyayensa, sashe na 7 na Dokar Yara ma ya maimaita haka. Dokar gadon wanda bai bar wasiyya ba, mai lamba 111 ta 1985, tana aiki a kan kowa har da Musulmi, kuma ta soke tanadin da a da yake sa a raba gadon mai auren Musulunci da aka yi wa rajista bisa shari'a. A ƙarƙashinta kayan ɗaki na mata da 'ya'ya ne, motar haya kuwa ba ta cikin kayan ɗaki, don haka ta shiga ragowar dukiya. Ana raba ragowar kashi goma sha shida: uku na mata, tara na 'ya'ya, biyu na iyaye, biyu kuma a bi al'adar mamacin. A nan matar za ta sami 45,000, 'ya'ya uku su raba 135,000 daidai ba bambancin namiji da mace, kowane 45,000, mahaifiya ta sami 30,000, saura 30,000 na al'ada.

Banki ba ya sakin kuɗin mamaci, ba a kuma sauya sunan mai mota ko mai fili, sai da takardar izinin kula da gado daga kotu, kuma mai nemanta yana rantsuwa a kan waɗanda mamacin ya bari. Da uwar ta ji an fara neman takardar ba a sa ɗanta ba, sai ta shigar da ƙorafin dakatarwa tare da kwafin umarnin kotun iyali da takardar haihuwa, aiki ya tsaya. A nan ne amfanin shari'ar da aka yi tun uban yana raye ya bayyana. Da ba a yi ta ba, sashe na 40 ya ba da shekara uku bayan rasuwar uba don neman tabbatar da nasaba, kuma gwajin da za a yi a lokacin sai ta hanyar kaka ko baffa ko 'yan uba, wanda yake buƙatar yardarsu kuma ƙarfinsa bai kai na gwajin uba kai tsaye ba. Ko gwajin ƙwayar da maza suke gada daga uba zuwa ɗa, iyakarsa ya nuna yaron jinin gidan ne, ba ya bambanta mamaci da ƙanensa.

An koma zauren liman, wannan karon da lauya ɗaya ɗan unguwa. Uwar ta so ta haƙura da komai don a daina ambaton ɗanta, lauyan ya gaya mata cewa kason yaro ƙarami ba nata ba ne balle ta yafe shi. Matar mamacin ta ce, "Allah gafarta Malam, idan addini ya ce ba ya gado, da wane suna za a ba shi?" Liman ya amsa cewa shi ba zai kira shi gado ba, domin bai sauya fatawarsa ba. Amma ya tuna musu cewa wanda ba magaji ba ana iya yi masa wasiyya har zuwa sulusin dukiya, wanda a nan ya kai 80,000, kuma da marigayin ya rubuta wa yaron 45,000 da babu malamin da zai hana, babu kuma kotun da za ta ce an tauye shi. Tunda bai rubuta ba, magada manya suna da ikon fitar da shi da yardarsu, a matsayin sulhu da sauke nauyin da ke kan mamacinsu. Wadda ta yanke maganar ita ce mahaifiyar marigayin, wadda ta ce ita ce ta yi wa jaririn wankan farko, kuma ba za ta kwanta a kabari da sanin an kore shi ba.

Abin da aka amince da shi shi ne a fitar wa yaron 45,000 tun farko, daidai da kasonsa a dokar ƙasa, sannan a raba sauran 195,000 bisa lissafin malamin. Matar ta sami 24,375, mahaifiya 32,500, kowace yarinya 65,000, baffa kuma 8,125. Lauyan ya duba abu ɗaya kafin a sa hannu, shi ne kada wani ƙaramin yaro ya sami ƙasa da abin da doka ta ba shi, kuma babu wanda ya samu ƙasa, domin 'yan matan sun haura 45,000. Matar ce ta karɓi ƙasa da kasonta na doka, kuma an bayyana mata haka a fili kafin ta amince, ta ce ta zaɓi rabon addini tunda abin da ya ragu daga hannunta ya koma ga 'ya'yanta. An rubuta yarjejeniyar, aka kai ta kotu, aka sa sunan yaron cikin 'ya'yan marigayin, aka janye ƙorafin.

An sayar da motar, aka biya yaron daga kuɗinta, aka ajiye kasonsa a asusu da sunansa wanda uwarsa da baffansa suke sa wa hannu tare. Kuɗin wata-wata ya tsaya tun rasuwar uban, don haka daga wannan asusun ake biyan makarantarsa, abincinsa kuma yana kan keken ɗinkin uwarsa. Filin har yanzu ba a sayar ba, yana jiran 'yan matan su girma. Yaron yana aji biyu na ƙaramar sakandare, sunan ubansa ne a rajistar makaranta, kuma yakan je Asawase gaishe da kakarsa ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci.